Dalilin da ke sa faifan SSD ya kulle kansa idan ƙarfinsa ya ƙare

Farashin faifan ajiya na SSD ya sauko sosai a shekarun nan, girmansa kuma ya ƙaru. Sai dai araha ba ta ado. Abin da aka sadaukar domin wannan sauƙi shi ne yawan rubutun da faifan zai jure kafin ya gaji.

A cikin SSD babu abin da ke juyawa. Bayanai suna zaune ne a ƙananan gurabe masu riƙe cajin lantarki, kuma duk lokacin da aka goge gurbi aka sake rubutu, siririn bangon da ke tsare cajin yana ɗan lalacewa. A da gurbi ɗaya bit ɗaya yake ɗauka, yana jure gogewa kusan sau 100,000. Yanzu yawancin na kasuwa bit uku ne (TLC) ko huɗu (QLC). Gurbi mai bit huɗu sai ya bambance matakan caji 16 a wurin da a da biyu ne kawai. Kamar mudu ne da aka yi wa zane 16: ɗan yoyo kaɗan ya isa ya rikita awo. Shi ya sa TLC ke tsayawa tsakanin sau 1,000 zuwa 3,000, QLC kuwa ƙasa da haka.

Kamfanoni suna bayyana juriyar da lamba mai suna TBW, wato adadin terabayit ɗin da suka lamunta a rubuta. Samsung 870 EVO mai terabayit 1 yana da 600, ɗan'uwansa 870 QVO, wanda QLC ne, yana da 360. Ma'aikacin ofis da ke rubuta gigabayit 40 kullum zai shafe kwana 15,000 kafin ya cinye 600, wato fiye da shekara 40. Amma a sa faifan nan a na'urar kyamarorin tsaro mai zuba gigabayit 500 kullum, kwana 1,200 ya ishe shi, shekara uku da 'yan watanni. Faifan da ke cike maƙil kuma ya fi saurin gajiya, domin kafin ya goge wuri dole ya kwashe abin da ke ciki zuwa wani wurin, sai rubutu ɗaya ya zama biyu ko uku.

Lambar TBW iyakar garanti ce, ba ranar mutuwa ba. Shafin The Tech Report ya gwada faifai shida daga 2013 zuwa 2015, yana ta rubutu a kansu har suka mace. Dukkansu sun zarce abin da aka lamunta, Samsung 840 Pro ma ya haura terabayit 2,400.

To, me ke kawo kullewar? Kowane SSD yana da gurabe na ko-ta-kwana da yake maye gurbin matattu da su. Idan suka ƙare, ko ƙididdigar gajiya ta kai iyakar da kamfani ya gindaya, a faifai da dama manhajar cikin faifan tana yanke hukunci: ta hana rubutu, ta bar karatu kawai, domin sabon rubutu na iya ɓata abin da ya rage. Ga mai kwamfuta abin ba zato ba tsammani ne, tunda jiya lafiya lau take. Sau da yawa ma ba ta tashi, saboda Windows na buƙatar rubutu yayin tashi.

Ƙofar karatun nan ba lallai ne ta daɗe a buɗe ba. A gwajin da aka ambata, Intel 335 ya bi tsarin kulle kansa bayan ya wuce terabayit 700, da aka kashe wuta aka kunna kuma sai ya daina aiki gaba ɗaya. Kullewa kuma ba kullum tsufa ba ce: a farkon 2023 an samu faifan Samsung 980 Pro da dama da suka kulle saboda kuskure a manhajarsu mai lamba 3B2QGXA7. Sabuwar manhaja ta kare waɗanda ba su kamu ba, amma ba ta buɗe waɗanda suka riga suka kulle ba.

Ana iya ganin alamu tun da wuri da CrystalDiskInfo, ko da wannan umarni:

```
smartctl -a /dev/nvme0
```

A duba `Percentage Used`, wato kason da aka cinye, da `Available Spare`, ragowar guraben ko-ta-kwana. Idan `Critical Warning` ya nuna `0x08`, faifan ya riga ya kulle. Mai sayen laftof na hannu ya fi kowa buƙatar wannan dubawa, domin sabon Windows ba ya goge tarihin gajiyar faifai.

Idan naka ya kulle alhali kwamfutar na kunne, kada ka kashe ta, kada ka yi ƙoƙarin yi masa fomat. Jona wani faifan, ka fara kwashe takardun da suka fi muhimmanci, sannan ka sayi sabo.