Gishirin da Wuta Ke Tona Wa Asiri

A ɗakin gwaje-gwajen makarantar sakandare, malami kan miƙa wa ɗalibi farin gari ya ce ya faɗi sunansa. Ɗanɗanawa haramun ce. Sai ɗalibi ya wanke waya da asid, ya dangwalo garin, ya kai bakin harshen wuta. Ruwan ɗorawa mai haske sodiyam ne, ja kamar jan bulo kalsiyam. Matsalar sodiyam, ko gumin yatsa ya taɓa wayar sai launinsa ya danne na sauran.

Wuta rabin sunan kawai take bayarwa. A narkar da garin cikin tataccen ruwa, a ɗiga asid na naitirik, sannan silba naitiret. Farin gasari da ke narkewa cikin amoniya kulorayid ne. Sodiyam da kulorayid kuwa, gishirin miya ke nan.