Wane Gyara Ne Ke Taɓa Ƙashin Bayan Maƙala?

A shekarar 1936 Albert Einstein da Nathan Rosen suka aika wa mujallar Physical Review maƙala, suna cewa ƙarfin da ke janyo abubuwa zuwa juna ba ya iya ratsa sararin samaniya a matsayin igiya. Editan, John Tate, ya tura ta ga wani masani, wanda daga baya aka gano Howard Robertson ne, shi kuma ya dawo da sharhi mai shafi goma yana nuna kuskure a lissafin. Einstein ya fusata, ya ce bai ba da izinin a nuna wa kowa aikinsa ba, ya janye maƙalar. Amma da ta fito a mujallar Cibiyar Franklin a 1937, sakamakon ya juya: igiyoyin suna nan. Mai bitar ne ke da gaskiya.

Irin wannan rahoto ne ke jiran duk malamin jami'a ko ɗalibin digiri na uku da ya tura aikinsa mujallar ilimi. Yawanci masana biyu ko uku ne ke bitar maƙalar, edita ya haɗa ra'ayoyinsu ya yanke hukunci. Idan wasiƙarsa ta ce "Minor revision", ƙananan gyare-gyare ake nema, kuma sau da yawa shi kaɗai zai duba abin da aka gyara. Idan ta ce "Major revision", maƙalar kan koma hannun masu bitar, kuma har yanzu ana iya ƙin ta.

Sai dai hukuncin edita na maƙalar ne gaba ɗaya. Raba sharhin ɗaya bayan ɗaya aikin marubuci ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa, don ido kan tafi ga sharhin da ya fi tsawo. Ma'aunin da ya fi aiki tambaya ce guda: idan aka yi abin da mai bitar ya nema, shin sakamakon binciken zai iya canzawa?

A ɗauka wata mai bincike ta gwada sabon taki a kan masara. Ta zuba shi a fili ɗaya, ta bar na kusa da shi babu taki, ta auna tsirrai 50 a kowanne, ta ce takin ya ƙara amfani. Mai bita na farko ya jero abubuwa goma sha biyar: jadawali na biyu bai nuna ko kilo ne ko tan ba, rubutun jikin hoto ya yi ƙanana, an ambaci wani littafi a ciki amma babu shi a jerin manazarta. Abin ya cika shafi, ga ban haushi, amma aikin yini ɗaya ne, kuma babu adadin da zai motsa.

Na biyun layi ɗaya ya rubuta, cewa tsirrai 50 na fili guda ba gwaji 50 ba ne. Wannan shi ne babban. Duk tsirran ƙasa ɗaya suke ci, ruwa ɗaya suke sha, saboda haka idan filin da aka sa wa taki dama ya fi ɗan'uwansa albarka, babu yadda za a rarrabe aikin takin da na ƙasar. A zahiri fili ɗaya aka gwada da fili ɗaya. Kuskure ne sananne, wanda Stuart Hurlbert ya yi dogon nazari a kansa a 1984. Gyaran jimla ba ya maganinsa. Ko dai ta jira wata damina ta maimaita gwajin a ƙananan filaye da yawa, a raba musu takin ta hanyar ƙuri'a, ko ta sauke da'awarta ta kira aikin gwajin share fage, in edita ya amince.

Akwai kuma sharhin da ba a sanin nauyinsa sai marubuci ya buɗe littafin da ya riƙa rubuta bayanan gwaji. Mai bita zai nemi, cikin ladabi, a fayyace yadda aka zaɓi tsirran da aka auna. Idan da ƙuri'a aka zaɓa an manta ne ba a faɗa ba, jimla ɗaya ta isa. Idan kuwa waɗanda suka fi kyan gani aka bi, adadin kansa ya shiga zargi.

Masu bita kan saɓa wa juna, wannan ya ce a faɗaɗa gabatarwa, wancan ya ce a rage. A nan wasiƙar edita ce alƙali, kuma abin da ya ɗauko daga rahotannin ya maimaita da bakinsa shi ne ba a tsallakewa. Marubuci na da damar ƙin wani sharhi, misali idan an matsa masa ya ambaci ayyukan da ba su shafi batun ba, muddin ya kawo hujja. A takardar amsa kuwa kowane sharhi, babba da ƙarami, ana kwafo shi, a rubuta abin da aka yi a ƙarƙashinsa, tare da lambar shafi da layin da gyaran yake.