Rariyar Imel da Wasiƙar Manaja Mai Layi Ɗaya

Na gaji da jin maganar nan ta "ai an riga an raba kwangilar tun kafin a yi talla". Daga Funtuwa har Malumfashi, duk ɗan kasuwar da aikin kai taki ko masara ya wuce shi, abin da zai faɗa ke nan. Ban ce ba a yin son kai ba, ana yi. Amma na ga wani abu da idona a kamfanin wani ɗan uwana da ke sayen hatsi a kasuwar Dandume yana kai wa ma'aikatu. Sanarwar neman masu kawo masara ta shigo akwatin imel ɗin manaja ran Litinin, shi kuwa yana can ƙauyukan Bakori wajen awo. Bai buɗe ta ba sai da ta kwana goma sha tara. Da aka tashi haɗa takardu, sai aka tarar takardar shaidar biyan haraji ta ƙare tun Disamba, sabuwa kuma ba a samun ta a kwana biyu. Suka isa da ambulan ɗinsu bayan an rufe akwati. Da yamma ina zaune a ofishin ana ta zagin mutanen da ba su san an yi ba.

Tallar kwangila dai sanarwa ce da mai saye ke fitarwa, ya ce ga abin da nake so, ga sharuɗɗa, ga ranar rufewa. Dokar sayayyar gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce a buga manyan ayyuka a jaridun ƙasa aƙalla biyu, kuma takardar da ta iso bayan lokaci ba a karɓar ta. Wa'adin 'yan makonni ne, galibi huɗu zuwa shida. A cikinsu za ka nemo takardar rajistar kamfani, da ta haraji ta shekara uku, da ta PenCom, da ta ITF, da ta NSITF, wani lokaci har da takardar lamuni daga banki. Wanda ya ɓatar da kwana goma sha tara daga wannan wa'adi, ya riga ya kayar da kansa.

Manajan ya gane haka, sai ya ɗauko takarda ya rubuta wa yaron da ke kula da kwamfutocin kamfanin layi ɗaya: "Daga yau duk tallar kwangilar da ta shigo a riƙa tura ta sashen sayayya kai tsaye." Ya sa hannu, ya koma harkarsa da zaton an gama. A ƙananan kamfanoni irin namu sashen sayayya ne ke cika takardun neman kwangila, domin su ne suka san farashin buhu da kuɗin mota, saboda haka niyyarsa daidai take. Inda ya kuskure, kuma nan ne manajoji da yawa ke kuskurewa, shi ne zaton da ya yi cewa kwamfuta ta san abin da ake kira tallar kwangila.

Ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba don manaja ya sa hannu. Abin da ɗan kwamfuta ke iya kafawa rariya ce, wadda Gmail ke kira Filter, Outlook kuma Rules. Ita rariya ramukan da aka huda mata kawai take bi. Za ka ce mata, duk saƙon da ya fito daga adireshi kaza, ko wanda kansa ke ɗauke da kalma kaza, ki miƙa wa wane. Idan manaja bai faɗi adireshin ba, bai faɗi kalmomin ba, to ya bar wa yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya yi masa canke, alhali yaron bai taɓa cika takardar kwangila ba a rayuwarsa. Haba! Ko almajiri za ka aika kasuwa, ai kana gaya masa mudu nawa kuma a rumfar wa.

To ga abin da ya biyo baya. Yaron ya ji tsoron kada wani abu ya kuɓuce a ɗora masa laifi, sai ya shiga wurin da aka rubuta Forwarding and POP/IMAP ya kunna tura komai da komai. Cikin mako guda ma'aikatan sayayya sun karanta jadawalin albashin kowa, sun ga wasiƙar banki a kan bashin da ake bin kamfani, har da farashin da wani dillali ya sassauta wa manaja a asirce. Rigima ta tashi, manaja ya yi faɗa, yaron ya koma ya matse rariyar ta zama kalma ɗaya tak, tender. Nan ma aka faɗa wani ramin. Sanarwa ba ta zuwa da suna ɗaya. Wata ma'aikata za ta rubuta Invitation to Bid, wata Expression of Interest, ƙungiyoyin agaji kuma sun fi son Request for Quotation ko RFQ a taƙaice. Duk waɗannan suka riƙa wucewa ta gefen rariya suna kwana a akwatin manaja kamar da.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne saƙon gyara. Mai saye yakan canza ranar rufewa, ko yawan buhuna, ko nau'in takin da yake so, ya aiko da ɗan gajeren saƙo mai taken Addendum ko Corrigendum. Sashen sayayya ya samu sanarwar farko, gyaran bai same shi ba. Mutum na zaune yana lissafin NPK alhali an mayar da aikin yuriya. Wannan ya fi rashin samun sanarwar muni, domin shi wanda bai samu ba ya san bai samu ba, wannan kuwa yana aiki da ƙwarin gwiwa a kan takardar da ta mutu. Ga kuma masu ɗaukar hoton takarda da waya su liƙa a imel, kan saƙon babu komai sai Fwd. Rariyar da ke duba kan saƙo ba ta da abin kamawa a nan.

Akwai sauran dalilan da ke sa sanarwa ta kuɓuce, irin su rashin wuta, da katsewar layi kamar yadda aka rufe layukan waya a Funtuwa da Malumfashi da Bakori a Satumbar 2021, amma waɗannan ba wasiƙa ke gyara su ba.

Abin da wasiƙa ke gyarawa shi ne canke. Kafin manaja ya rubuta komai, ya zauna da shugaban sayayya su buɗe akwatin imel, su zaƙulo duk sanarwar da ta shigo a shekarar da ta wuce. Su rubuta adireshin masu aikowa da kalmomin da ke kan kowace. Aikin awa ɗaya ne, kuma daga nan ramukan rariya ke fitowa. Ga irin wasiƙar da muka sake rubutawa daga baya:

"Malam, bayan gaisuwa. Ina so ka kafa tura saƙo kai tsaye daga akwatin kamfani da nawa zuwa akwatin sashen sayayya, ga sanarwar kwangila kaɗai. A tura duk saƙon da ya fito daga adiresoshi bakwai da na liƙa a baya, ko mene ne kansa, da kuma duk wanda kansa ke da ɗaya daga kalmomin da ke takarda ta biyu. A bar kwafi a akwatin asali, kada a goge. Kada a tura zuwa imel ɗin wani na kashin kansa. Saƙon banki da na albashi ba sa ciki. Ka gama kafin Alhamis, mu gwada tare da Hajiya ta sayayya, sannan ka rubuto mini abin da ka kafa."

Kowane layi a ciki akwai wahalar da ta haife shi. Kalmomin da ke takarda ta biyu, a Gmail haka ake shigar da su:

```
subject:(tender OR tenders OR "invitation to bid" OR "expression of interest" OR "request for quotation" OR RFQ OR addendum OR corrigendum)
```

Rariyar adireshi kuwa daban ake kafa ta, ita ce ke kama saƙon hoto mai kai babu komai, tunda mai aikowa take dubawa. A nan ne kuma ake danna Never send it to Spam, domin sanarwar da aka aika wa mutane ɗari a lokaci guda takan faɗa kwandon shara. Amma ga amintattun adiresoshi kaɗai za a danna shi. In ka danna wa rariyar kalmomi, ka buɗe wa 'yan damfara ƙofa, masu aiko da tallar ƙarya su ce a biya kuɗin fom a asusun wani mutum. Kuɗin fom na ma'aikatun tarayya ta Remita ake biya, kuma adireshin gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa. Ya kamata a gaya wa sashen sayayya wannan, saboda saƙon da ya zo ta hannun manaja mutane kan ɗauka an tantance shi, alhali ba wanda ya duba.

Maganar imel na kashin kai kuma, don Allah a daina. Ma'aikaci yana barin aiki, ya koma wajen abokin hamayyarku da ke tsallaken titi, sanarwarku na ci gaba da bin sa har aljihu. A buɗe akwati na sashe wanda mutum biyu ko uku ke gani. Masu amfani da Microsoft 365 ma za su tarar tsarin da kansa yana toshe tura saƙo kai tsaye zuwa adireshin waje, sai mai kula da shi ya buɗe da gangan. A Outlook kuma a ce wa ɗan kwamfuta ya zaɓi redirect maimakon forward, don in Hajiya ta danna amsa ta tafi wajen ma'aikatar, kada ta dawo wa manaja.

Gwajin ran Alhamis ba na wasa ba ne. Gmail ba ya fara turawa sai an tabbatar da saƙon amincewa da yake aikawa akwatin da zai karɓa, kuma na ga inda wannan saƙo ya yi wata guda ba a buɗe ba, kowa na zaton aiki na tafiya. Sannan rariya sabbin saƙonni kaɗai take turawa, waɗanda suka riga suka shigo sai an bi su da hannu. Mu da muka gwada, daga wayata na aika saƙo huɗu: ɗaya da RFQ, ɗaya da Addendum, ɗaya da Invitation to Bid, na huɗu kuma na rubuta masa "albashin wata". Uku suka isa wajen Hajiya, na huɗu ya tsaya. Muka sa a kalanda cewa duk farkon wata za a maimaita, a kuma ƙara adireshin duk sabon mai saye.

Bayan wata biyu Hajiya ta zo da jarida a hannu, ta shimfiɗa a teburin manaja, ta nuna masa tallar kai irin shuka da wata ma'aikata ta buga, saura kwana tara a rufe. "Yallaɓai, wannan fa ba ta biyo ta imel ba." Ba wanda ya taɓa aiko musu da ita, domin doka ta ce a buga a jarida, ba ta ce a bi kowane kamfani da saƙo ba. Tun ranar aka ɗora wa masinja sayen jarida biyu kowace safiya, aka kuma ɗora wa Hajiya duba shafin hukumar kula da sayayya ta jiha da mujallar tallar kwangilolin tarayya duk Litinin.