Daga Littafin Lacca Zuwa Waya: Yadda Ake Gyara Rubutun Hannu Ya Karantu

Ɗaliban Bodinga da Shagari da ke karatu a manyan makarantun Sakkwato, irin su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san lamarin. Wanda ya kasa samun mota da wuri ya rasa laccar safe, sai abokinsa ya ɗauki hoton littafinsa ya turo masa ta WhatsApp. Kafin jarrabawa hotuna sun taru a waya, wasu a karkace, wasu da inuwar hannu, ba a san na farko ba balle na ƙarshe.

A ɗauki misalin wata ɗalibar sashen ilimi daga Shagari da aka turo wa shafi 12 kan matakan bunƙasar tunanin yara na Jean Piaget. Abin da za ta fara nema shi ne hoto mai kyau, domin WhatsApp yana matse hoto har siraran layukan biro su dusashe. Gara ta roƙi a sake turowa ta Document, ko ta ari littafin ta ɗauka da kanta da Scan na manhajar Google Drive, a inuwa mai haske, wayar tana saitin tsakiyar shafi.

Daga nan sai Google Lens, wanda ke ciro rubutu daga hoto a kwafe shi zuwa Google Docs. Yana ƙoƙari, amma haruffa yake gani, bai san darasin ba. Ga irin abin da kan fito:

```
Preoperational 2-1
Concrete operational 7-ll
```

A layin farko an karanta 7 a matsayin 1, saboda mai littafin ba ya ja wa bakwai ɗinsa gicciye. A na biyu 11 ya koma harafi biyu. Ana gane kuskuren daga darasin kansa: matakan Piaget huɗu ne, kowanne yana farawa inda na baya ya tsaya, wato haihuwa zuwa shekara 2, sai 2 zuwa 7, sai 7 zuwa 11, sai abin da ya yi sama. Mataki ba zai fara a 2 ya ƙare a 1 ba. Kalmar da ta lalace ido zai kama ta, lamba kuwa sai ta wuce salin alin, a haddace ta, a tura wa 'yan aji, kowa ya rubuta ta a zauren jarrabawa. Shi ya sa kowace lamba sai an gwada ta da hoton asali. Idan kuma darasin Hausa ne, ƙ da ɗ da ɓ sukan fito ba lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa, sai an bi su da allon rubutun Hausa na Gboard.

Babban aikin yana wajen kanun rubutu. Malami ba ya bin tsari kamar littafi. Yakan kai mataki na uku, ya tuna wani abu na biyu, ɗalibi ya rubuta shi a gefen shafi ya ja kibiya. Lens ba ya bin kibiya, sai ya cusa bayanin a tsakiyar wata jimla. Don haka kafin ta taɓa komai, ɗalibar za ta yanke tsari guda: sunan darasi ya zama Heading 1, kowane mataki Heading 2, ƙarƙashin kowanne kuma kanu uku da ba sa canzawa a Heading 3, wato shekaru, siffofi da misali. Sannan ta riƙa yanko kowace jimla tana kai ta gidanta.

Mutane da yawa kaurara rubutu kawai suke yi su ce kai ne. Ga ido ya yi, amma manhaja ba ta san shi ba. A waya ana zaɓar layin, a taɓa alamar A da ke sama, a shiga Style, a zaɓi matakin. Wanda ya yi haka, idan ya buɗe Document outline daga ɗigo ukun nan zai ga jerin kanun duka, ya taɓa ɗaya ya faɗa kansa kai tsaye.

A nan ne tsarin ke tona giɓi. Da ta duba, sai ta ga matakai uku suna da misali, na huɗu kuwa kan yana nan amma ƙarƙashinsa fayau. Ko dai malamin bai bayar ba, ko an tsallake shafi wajen ɗaukar hoto. A tarin hotuna ba za ta taɓa lura ba.

Inda rubutu ya ƙi karantuwa, kada a cike da zato. A sa ?? tare da lambar shafi, daga baya a nemo su duka da Find and replace a tambayi mai littafin. Zane da jadawali kuwa ba sa tsira daga Lens, gara a yanko hotonsu a liƙa ƙarƙashin kan da ya dace. Hotunan asali su zauna a Drive har a ga sakamakon jarrabawa.