Ƙarin Albashi: Yadda Kashi 10 Cikin 100 Ke Haihuwa Shekara Bayan Shekara

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000, daga naira 30,000 da aka tsayar a 2019. Kowa ya san an ƙara naira 40,000. Amma in aka tambayi ma'aikata goma kashi nawa ke nan cikin ɗari, da wuya amsarsu ta zo ɗaya. Wani zai ce kashi 40, wani ya ce kashi 57. Amsar ita ce kashi 133 da 'yan kai, kuma hanyar gano ta ba ta fi ƙarfin duk wanda ke da waya a aljihu ba.

A ɗauki misalin wata malama da ke koyarwa a makarantar kuɗi, tana karɓar naira 120,000 a wata. Sai mai makaranta ya sanar cewa za a yi wa kowa ƙarin kashi 10 cikin 100. Abin da za ta yi shi ne ta raba albashinta gida ɗari, kowane gida naira 1,200, sannan ta ɗauki gida goma. Ƙarin ya kama naira 12,000, sabon albashi kuma naira 132,000. Masu aikin akanta sukan taƙaita wahalar, su ninka tsohon albashin da 1.10 kai tsaye. In ƙarin kashi 15 ne sai a ninka da 1.15, in kashi 25 ne da 1.25.

Wani lokaci kuma kuɗin ake faɗa, ba a faɗi kason ba. A nan sai a cire tsohon albashi daga sabo, a raba abin da ya rage da tsohon, a ninka da ɗari. Wurin da mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne raba ƙarin da sabon albashi maimakon tsoho. Wanda ya ce kashi 57 a farkon maganar nan, abin da ya yi ke nan: ya raba 40,000 da 70,000, alhali da 30,000 ya kamata ya raba, domin daga can aka taso.

Sai dai kafin malamar ta fara ɗaukar alkawarin sabon adashe, akwai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: kashi 10 na me? Albashi a mafi yawan ma'aikatu a rarrabe yake, akwai ainihin albashi, ga kuma alawus na gida da na sufuri da sauransu. In ainihin albashinta naira 60,000 ne, kuma a kansa kaɗai aka ɗora ƙarin, naira 6,000 za ta gani. Jimillar ta zama 126,000, wato kashi 5 kacal aka ƙara a kan abin da take karɓa, duk da cewa mai makaranta bai yi ƙarya ba da ya ce kashi 10. Ko da a kan duka aka ɗora, ba duka 12,000 ɗin za su shiga asusunta na banki ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 daga ma'aikaci, a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. In duk ƙarin ya faɗa ƙarƙashin waɗannan, naira 960 sun tafi asusun fansho, sannan haraji ya ɗebi nasa. Shi ya sa ma'aikaci yakan ga alat a ƙarshen wata ya ɗauka an cuce shi, alhali takardar albashinsa ce bai duba ba.

Inda lissafin ya fi daɗi shi ne idan ƙarin ya zama na kowace shekara. A ce an yi wa malamar alkawarin kashi 10 duk shekara har tsawon shekara biyar. Da yawa za su ce goma sau biyar hamsin, don haka albashin zai kai 180,000. Ba haka ba ne. A shekara ta biyu ba a kan 120,000 za a ɗora ƙarin ba, a kan 132,000 ne, sai ya zama 13,200, albashin ya koma 145,200. A ta uku ya kai 159,720, a ta huɗu 175,692, a ta biyar kuma kusan 193,260. Kamar kiwon akuya ne: wadda aka haifa bana ita ma tana haihuwa baɗi. Ƙarin bara ya shiga cikin uwar kuɗi, shi ma ana yi masa ƙari. A ƙarshe albashin ya tashi da kashi 61, ba 50 ba.

Wannan bambanci yana da amfani ranar da aka zauna ciniki da mai ɗaukar aiki. In aka ba malamar zaɓi tsakanin ƙarin naira 12,000 tsayayye duk shekara da kuma kashi 10 duk shekara, a shekarar farko babu bambanci ko na kwabo. A shekara ta biyar kuwa, mai kashi 10 ta fi takwararta da sama da naira 13,000 a kowane wata, kuma ratar ƙara buɗewa take yi. Haka nan duk shekarar da aka tsallake ba a yi ƙari ba, asararta ba ta tsaya a wannan shekarar ba, domin duk ƙarin da zai biyo baya a kan ƙaramin tushe za a gina shi.

Akwai wata dabara da masu lissafin kuɗi ke amfani da ita don sanin lokacin da albashi zai ninka: a raba 72 da kason ƙarin. Da kashi 10, shekara bakwai da 'yan watanni ke nan. Da kashi 6, shekara goma sha biyu. Kintace ne, amma yana kusa da daidai matuƙar kason bai yi girma sosai ba.

Ana iya juya lissafin a koma kan mafi ƙarancin albashi. Kashi 133 cikin shekara biyar, in aka raba da biyar, zai ba da kusan kashi 27 a shekara, kuma wannan kuskure ne. Naira 30,000 da za a riƙa ɗora wa kashi 18 da rabi duk shekara za ta kai 70,000 a shekara ta biyar. Wannan shi ne ainihin saurin da albashin ya yi.

Abin da ke ɓata wa ma'aikaci rai shi ne farashin kaya ma haka yake hauhawa, na bana a kan na bara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A shekara irin wannan, malamar da ta tashi daga 120,000 zuwa 132,000 sai ta raba sabon albashinta da 1.348 don ta san me zai saya mata a kasuwa. Amsar kusan naira 98,000 ce a farashin bara. Kuɗin hannunta sun ƙaru, amma shinkafa da man girkin da za su iya sayowa sun ragu da kusan kashi 18.

Don haka duk wanda aka miƙa wa takardar ƙarin albashi, kafin ya sa hannu ya tambayi akanta abu uku: a kan ainihin albashi aka ɗora ko a kan duka, ƙarin baɗi a kan sabon adadi za a lissafa ko a kan tsoho, kuma nawa ne zai shiga asusunsa bayan an cire fansho da haraji.