Rasit ɗin kuɗin waje: a duba farashin canji kafin a zargi ɗan aike

A Anloga da sauran unguwanninmu na Kumasi, gidaje da yawa da kuɗin 'yan'uwa na ƙasashen waje suke biyan haya da kuɗin makaranta. Rigimar da muka fi ji kuwa iri ɗaya ce. Yaya ya bugo waya daga Amurka ya ce ya aiko dala 200, an aiki yaro ya karɓo, kuɗi sun zo ba su kai yadda aka ƙiyasta ba, sai a fara yi wa yaron kallon ɓarawo. Sau da yawa yaron bai taɓa ko sisi ba, amsar tana cikin rasit.

Rasit biyu ne, ba ɗaya ba. Wanda ake ba mu a banki, ko saƙon da ke shigowa waya, galibi sidin da aka biya kawai yake nunawa. Cikakken bayani yana hannun mai aikowa. A Amurka, tun 2013 doka ta wajabta wa kamfanonin aika kuɗi su rubuta masa kuɗin aiki, da farashin canji, da adadin da za a karɓa a nan. Saboda haka a roƙe shi ya turo hoton nasa rasit ɗin.

Da farko a duba suna da lamba. Lambar Western Union, wadda ake kira MTCN, alƙaluma 10 ce, ta MoneyGram kuwa 8. Lambar da ke takardarmu ta zama ita ce a tasa. Sunan mai karɓa kuma ya dace da na katin shaida, don idan an rubuta Mohammed a can alhali kati na cewa Mahamadu, ana iya hana biya har sai mai aikowa ya gyara.

Sai lissafi. Ga misali, da farashin da muka ɗauka don kwatance kawai. Yaya ya aiko dala 200, ya biya dala 5 kuɗin aiki a kai, rasit ya ce kowace dala sidi 11.60 ce. A ninka 200 da 11.60, ya ba da sidi 2,320. Wannan shi ne abin da ya kamata ya shigo hannu. Amma in dala 200 ɗin ce kaɗai ya miƙa, aka cire kuɗin aikin daga ciki, to dala 195 aka canza, wato sidi 2,262. Ga giɓin sidi 58 nan, kuma shi yayan gaskiya ya faɗa da ya ce ya ba da 200.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta shi da sunansa, yana ɓoye cikin farashin canjin. Babban Bankin Gana yana fitar da farashin dala a ranakun aiki. A ce a ranar ya sa sidi 12.00. Da wannan farashi dala 200 sidi 2,400 ce, ke nan sidi 80 sun tafi a canji, sun ma fi kuɗin aikin da ya kama sidi 60. Shi ya sa ba ma saurin yarda da tallar “aikawa kyauta”. Hanyar gwada kamfani da kamfani ita ce a raba sidin da aka karɓa da dukan abin da mai aikowa ya kashe: 2,320 a raba da 205, kowace dala ta kawo kimanin sidi 11.32.

A kula da rana. Yawanci farashin ranar aikowa ake bi, ba na ranar karɓa ba, ba kuma na allon masu canji a Adum ba. A 2022 dala ta tashi daga kimanin sidi 6 ta haura 13, a irin wannan lokaci kwana uku ma na kawo bambanci. Sannan dattawanmu har yau da tsohon kuɗi suke ƙirge, ko da yake tun 2007 aka cire sifiri huɗu: sidi 2,320 a bakin Hajiya miliyan 23 ne da dubu 200. A faɗa mata duka biyun.

Idan ta MoMo kuɗin suka zo, kada a dogara da saƙo kawai, 'yan damfara na ƙirƙirar irinsa su kira su ce kuskure ne a mayar musu. Mai layin MTN ya danna *170# ya ga ko kuɗin sun shiga. Kuɗin cirewa a wurin wakili daban ne, ba ya cikin rasit ɗin mai aikowa.

In an yi duk wannan lissafi bai fita ba, mai aikowa ne zai kai ƙara ga kamfani da lambar rasit. Dokar Amurka ta ba shi kwana 180 daga ranar da aka ce kuɗin za su iso.