Sabon Allo da Ƙarin Gishiri a Launi

Wanda ya sayi sabon allon kwamfuta mai tambarin DCI-P3 yakan yi murna a ranar farko, don komai ya fito tar. Bayan kwana biyu sai ido ya fara ƙorafi: jan tambarin YouTube kamar garwashi, ciyawar filin ƙwallo ta yi kore fiye da kima, fuskokin mutane sun yi jaja-jaja. Allon lafiyarsa ƙalau. Matsalar ta fassarar lambobi ce.

Kwamfuta ba ta san launi ba, lamba ta sani. Ja tsantsa a wurinta shi ne 255, 0, 0. To, amma jan wa? A 1996 kamfanonin HP da Microsoft suka fito da ma'aunin sRGB, kuma a kansa aka gina kusan dukkan hotunan intanet da wasannin da ba na HDR ba. Allon P3 kuwa yana ɗaukar launuka fiye da sRGB da kusan kashi 25 cikin ɗari, musamman wajen ja da kore. Idan manhaja ta miƙa masa 255, 0, 0 ba tare da fassara ba, sai ya zuba iyakar jan da yake da shi. Alhali jan da mai hoton ya nufa, a lissafin Display P3, kusan 234, 51, 35 ne.

Kwamfutocin Apple suna yin wannan fassara da kansu ta hanyar ColorSync. A Windows, an daɗe ana barin aikin ga kowace manhaja: Photoshop da Chrome suna karanta bayanin launin allon, wato ICC, yawancin wasanni kuwa ko oho. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe hoto ɗaya a manhajoji biyu, a jera su. Idan ɗaya ya fi rinewa, wannan manhajar ba ta fassarawa.

Maganin shi ne a taƙaita allon ga sRGB. Yawancin irin waɗannan alluna suna da zaɓin sRGB a maɓallansu, sai dai wasu kamfanoni kan kulle haske da zarar an zaɓe shi, abin da ke da ban haushi ga mai aikin dare. Windows 11 na da «Automatically manage color for apps», masu katin NVIDIA kuma suna amfani da novideo_srgb. Hanya ɗaya kawai za a ɗauka. Idan aka haɗa biyu, launuka za su koɗe.

Ga mai aikin ofis, ko wasanni, ko tsara hotunan intanet, taƙaitawar ce daidai. Mai kallon fim na HDR, da mai gyaran hoton da za a buga a Adobe RGB, su bar allon a buɗe, su tabbata dai an ɗora masa ICC ɗin da ya dace da shi.